An ƙara kasafin ne ko an rage? Yadda ake warware alƙaluman kasafin kuɗin Saudiyya ga wanda bai karanci tattalin arziki ba

Ƙarshen watan Nuwamba na 2024, kwana ɗaya ko biyu bayan gwamnatin Saudiyya ta amince da kasafin kuɗin 2025, muna zaune bayan Isha'i a ƙofar shagon wani dattijo mai sayar da turare da kayan tsaraba a nan Makka, sai gardama ta kaure tsakaninsa da ƙanena. Ƙanen nawa ya ɗago waya yana cewa ga shi nan an ce gwamnati ta ƙara yawan kuɗin da za ta kashe, shi kuma Baba ya ce a'a, shi da kunnensa ya ji an ce rage kashe kuɗi za a yi baɗi, har ma ya fara tunanin ko ya rage kayan da zai saro kafin azumi. Suka juyo kaina tunda sun san aikina kenan, ina rubuta labaran kasuwanci da Hausa. Baba ya ce, to ɗan nan, kai da ke karanta takardunsu, waye mai gaskiya a cikinmu?

Na ce Baba duk ku biyun kuna da gaskiya, kuma wallahi ba wai ina raba gardama ba ne don a zauna lafiya. Lambar guda ɗaya ce, riyal biliyan 1,285. Wanda ya rubuta labarin da ƙanena ya karanta ya auna ta ne da abin da aka tsara za a kashe a 2024, wato biliyan 1,251, sai ya ga ƙari. Wanda Baba ya saurara kuwa ya auna ta ne da abin da ake hasashen an riga an kashe a 2024 ɗin, wanda a lokacin aka ƙiyasta biliyan 1,345, sai ya ga ragi. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma kuma babu wanda ya gaya wa mai saurarensa da me ya auna, kuma a nan ne nake ganin mu masu rubuta irin waɗannan labarai muke cutar mutane ba tare da mun sani ba, don ga mutum nan zai yanke shawarar jarinsa a kan rabin magana.

Abin da ya kamata a fara sa wa mai karatu a kai shi ne, kasafi niyya ce, ba hisabi ba ne. Abin da Larabawa ke kira mizaniyya, wanda ake sanarwa a ƙarshen shekara ministan kuɗi Muhammad Al-Jada'an ya fito ya yi bayani, tsari ne na abin da gwamnati ke sa ran zai shigo da abin da take niyyar kashewa daga Janairu zuwa Disamba. Kamar mutum ne ya zauna farkon wata ya ce zan samu kaza, haya kaza, cefane kaza, abin da zan tura gida kaza. Ƙarshen wata ya zo, lissafin da ke aljihunsa daban. Saboda haka kowace shekara tana da lambobi kala uku: wadda aka tsara tun kafin shekarar ta shigo, wadda aka sake ƙiyastawa ana cikin shekarar, da ta ƙarshe wadda ma'aikatar kuɗi ke fitarwa bayan an rufe littafi, yawanci a watan Fabrairu. Duk lambar da ka gani a labari, tambaya ta farko ita ce wacce ce a cikin ukun nan. In marubuci bai faɗa ba, to shi ma ƙila bai duba ba.

Bari mu ɗauki 2024 mu bi ta daki-daki, tunda ita littafinta ya rufe. A Disamba 2023 aka ce ana sa ran samun biliyan 1,172, za a kashe biliyan 1,251. Ka cire na farko daga na biyu, saura biliyan 79, shi ne giɓi, abin da za ka ji ana cewa ajaz a labaran Larabci. Da shekara ta ƙare sai ga abin da ya faru a zahiri: an samu biliyan 1,259, an kashe biliyan 1,375, giɓi ya zama kusan biliyan 116.

To a nan ne yawancinmu ke yin tuntuɓe. Da zarar an ga giɓi ya ƙaru daga 79 zuwa 116 sai hannu ya tafi da kansa ya rubuta "saboda faɗuwar kuɗin shiga na man fetur", don ita ce jimlar da aka saba ji, kuma tana da daɗin faɗa. Amma duba lambobin da kyau. Kuɗin shiga bai gaza abin da aka tsara ba, ya ma zarce shi da biliyan 87. Abin da ya faru shi ne kashewa ta zarce nata tsarin da biliyan 124. Ka cire 87 daga 124, saura 37, ka ɗora 37 a kan 79, ga 116 ɗinka nan cif. Kenan giɓin bai ƙaru don aljihu ya bushe ba, ya ƙaru ne don an samu ƙari kuma an kashe fiye da ƙarin. Wannan lissafin ragi uku ne kawai da tarawa ɗaya, ɗan firamare zai yi shi, amma shi ke raba labarin gaskiya da na ji-ta-ji-ta, kuma ma'anarsa ga ɗan kasuwa ta sha bamban ƙwarai: gwamnatin da kuɗinta ya ragu tana iya tsuke bakin aljihu, kwangila ta tsaya, albashin leburori ya makale, ciniki ya ja baya, amma gwamnatin da ta zaɓi ta kashe fiye da tsari tana zuba kuɗi ne a kasuwa a wannan shekarar, ko da kuwa da bashi ne.

Kuma ba a 2024 kaɗai aka ga haka ba. A 2023 ma tsarin ya nuna za a samu rarar biliyan 16, ƙarshe aka tashi da giɓin kusan biliyan 81, alhali kuɗin shiga ya haura abin da aka tsara. Kashewa ce ta yi tsalle, daga biliyan 1,114 da aka rubuta zuwa biliyan 1,293. Shi ya sa ni in na ga lambar kashewa ta sabon kasafi ba na ɗaukarta a matsayin rufin da ba za a wuce ba, kuma ina ganin haƙƙin mai karatu ne a gaya masa cewa a shekarun nan biyu an wuce ta da nisa. Da Baba ya san wannan, da bai tsorata da jin an ce "za a rage" ba, don ragin a takarda yake tukuna.

Ba wai ina cewa mai ba shi da hannu a lamarin ba, a'a. Daga Yulin 2023 Saudiyya ta rage yawan ɗanyen man da take haƙowa zuwa wajen ganga miliyan 9 a rana, kuma kuɗin mai farashi ne sau yawan ganguna, in ɗaya ya sauka kuɗin zai taɓu ko da ɗayan yana nan. A 2022 da farashi ya yi sama an samu rarar kusan biliyan 104, karo na farko tun 2013. Abin da nake cewa shi ne kafin ka ɗora laifi a kan mai, duba wane ɓangare ne ya motsa daga inda aka ajiye shi.

Yanzu sai maganar girman lambobin kansu. Mu faɗi gaskiya, biliyan 1,375 ba ta nufin komai a kunnen mutum. Hajiyar da ke dafa abinci tana sayarwa alhazai ta san nauyin riyal 50, ta san nauyin riyal 5,000, amma daga miliyan zuwa sama duk "kuɗi mai yawa" ne, biliyan da tiriliyan duk ɗaya. Ga kuma wani rikicin namu na masu zama tsakanin harsuna: Balarabe yana cewa milyar, mu muna cewa biliyan, kuma milyar da miliyan a kunne kamar wa da ƙani ne, na sha jin mutum ya ji "milyar" a talabijin ya zo majalisa yana cewa miliyan, ya rage kuɗin sau dubu bai sani ba. Haka nan biliyan 1,375 ita ce dai tiriliyan 1.375, wani labarin zai rubuta ta haka wani ya rubuta ta haka, in ka gauraya su a rubutu ɗaya mai karatu zai ɗauka abu biyu kake magana. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Ni biliyan nake zaɓa, don giɓi da bashi da komai su zauna a ma'auni guda.

Hanyar da na ga ta fi shiga kai ita ce a mayar da kasafin gaba ɗaya riyal 100. A 2024, duk riyal 100 da ya shigo wa gwamnati ta kashe 109. Shi ke nan, ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya gane. In kana son ka ƙara kusanto da shi sai ka ce kamar magidanci ne mai samun riyal 5,000 a wata amma yana kashe wajen 5,460, wannan 460 ɗin dole ya ranto ko ya taɓa ajiya. Da na faɗa wa Baba haka sai ya gyaɗa kai ya ce, to ai wannan ba karyewa ba ce, amma in ya ɗore kowane wata akwai magana. Wallahi abin da masana ke cika shafuka suna faɗa kenan, ya faɗe shi a jimla ɗaya.

Akwai kuma hanyar rabawa kan kowane mutum. In ka raba biliyan 1,375 ga mutum kusan miliyan 35 da ke zaune a ƙasar a 2024, kowa zai tashi da wajen riyal 39,000 a shekara, wato dubu uku da ɗoriya a wata. Tana taimakawa wajen jin nauyin lambar, amma ina amfani da ita da taka-tsantsan musamman in masu karatuna 'yan'uwanmu ne mazauna, don a ƙidayar 2022 cikin mutum miliyan 32.2, miliyan 13.4 ba 'yan ƙasa ba ne, kuma ba daidai ake cin moriyar kasafin ba, albashin gwamnati da tallafi mafi yawansu na 'yan ƙasa ne. In ka rubuta "kowane mutum riyal 39,000" ba ka yi bayani ba, direban da ke fama da kuɗin iƙama, wato takardar izinin zama, zai karanta ya ce ina nawa, kuma yana da gaskiya ya tambaya. Ma'auni ne kawai, ba rabo ba ne, a faɗi hakan a fili.

Abin da ba na yi kuma shi ne juya kuɗin zuwa naira in ina kwatanta shekara da shekara. Na san dalilin da ya sa ake yi, mutanenmu da naira ko sefa suke lissafi don can suke tura kuɗi. Amma riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 tun 1986, ita kuwa naira a farkon 2023 dala ɗaya wajen 460 ce a farashin gwamnati, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,500. In ka juya kasafin shekarun biyu zuwa naira za ka ga kamar ya ninka sau uku, alhali kasafin Saudiyya bai ninka ba, naira ce ta faɗi. In dole sai ka juya, juya lamba ɗaya tak, ka faɗi farashin ranar da ka yi amfani da shi.

To daga ina kuɗin ke shigowa? Nan ne labarin ke taɓa aljihunmu kai tsaye, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Cikin kowane riyal 100 da gwamnati ta samu a 2024, wajen 60 daga mai ne, 40 daga abin da ake kira kuɗin shigar da ba na mai ba. A lamba, wajen biliyan 757 da wajen biliyan 502. Duk shekara za ka ga kanun labari na murna, kuɗin shigar da ba na mai ba ya ƙaru, ƙasa na rage dogaro da fetur. Gaskiya ne ya ƙaru, kuma manufar gwamnati ce tun da aka ƙaddamar da shirin 2030 na sauya fasalin tattalin arziki a 2016. Amma mai karatu in ya ji "ba na mai ba" sai ya hango masana'antu da yawon buɗe ido da kamfanoni suna kawo riba, alhali fiye da rabin wannan kuɗin haraji ne a kan kaya da hidimomi, wato daga hannun masu saye yake fitowa, ni da kai.

Ɗauko fatura ɗaya, wato rasit, daga bakala, kantin unguwa, ka duba ƙasanta. In ka biya riyal 230, kayan na 200 ne, 30 ɗin dariba ce, wato harajin sayen kaya. Wannan harajin bai wanzu ba kafin Janairun 2018, da ya zo kashi 5 cikin 100 ne, sai a ranar 1 ga Yulin 2020, lokacin korona da farashin mai ya rushe, aka mayar da shi kashi 15. Ga kuma kuɗin 'yan rakiya, rusumul murafiƙin, wanda duk mai iyali a kan iƙamarsa ya san zafinsa: ya fara da riyal 100 a wata kan kowane mutum a Yulin 2017, yana hawa ɗari-ɗari duk shekara har ya kai 400 a 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya uku, riyal 1,600 kenan a wata, 19,200 a shekara, kafin ya biya haya kafin ya sayi shinkafa. Na san gidaje da dama da wannan lissafin ne ya sa suka mayar da iyali Kano ko Damagaram, maigida ya zauna shi kaɗai. Wannan kuɗin ma yana cikin abin da ake ƙirgawa "ba na mai ba". Ban kawo wannan don in ce manufar ba ta da hujja ba, kowace gwamnati da haraji take tafiya, kuma ƙasar da ta ga giɓin sama da biliyan 360 a 2015 dole ta nemi wata ƙofa. Abin da ke damuna shi ne a rubuta wa mutum labarin ƙaruwar kuɗin shiga kamar wani abu ne da ke faruwa can nesa, alhali shi ne ya biya. Kuma akwai amfani a aikace: tarihin 2015 zuwa 2020 ya nuna cewa in mai ya faɗi ya daɗe a ƙasa, wurin da ake juyowa kenan, haraji da kuɗaɗen hidima da farashin fetur da lantarki. Wanda ya fahimci wannan zai san abin da zai sa wa ido.

Ɓangaren kashewa ba zan daɗe a kai ba, abu biyu ne kawai. Na ɗaya, wajen riyal 40 cikin kowane 100 albashi ne da alawus na ma'aikatan gwamnati, kuma wannan ba a taɓa shi cikin sauƙi, don haka in aka ce za a tsuke, yawanci ayyukan gine-gine ne ke fara ji a jika, su ne kuma inda 'yan'uwanmu leburori da direbobi da masu kai abinci ke samu. Na biyu, ba duk kuɗin da hukuma ke kashewa ne ke cikin kasafi ba. Manyan ayyuka irin su sabon birnin Niyom a ƙarƙashin asusun zuba jari na gwamnati suke, wanda ke da nasa littafin daban. Saboda haka kuskure ne ka ga lambar kasafi ka ce "har da kuɗin gina Niyom", kuma kuskure ne ka ga kasafi bai motsa ba ka ce ba abin da ya canza, asusun na iya rage gudu ko ƙarawa ba tare da ka gani a wannan takardar ba.

Sai giɓi da bashi, waɗanda ake yawan cakuɗawa kamar abu ɗaya ne. Giɓi na shekara ɗaya ne, bashi kuwa tarin abin da aka ranto ne ba a biya ba tukuna. Kamar littafin mai shago ne: abin da ka karɓa bashi wannan watan daban, jimillar da ke ƙasan shafinka daban. A ƙarshen 2024 bashin gwamnatin Saudiyya ya kai wajen biliyan 1,216. In ka ajiye lambar haka tsirara mutum zai firgita. In ka ce kusan daidai yake da kuɗin shigar shekara guda, sai ya samu abin riƙewa, kamar mai samun 60,000 a shekara ana binsa 58,000. In ka ƙara da cewa a 2014 bashin bai kai biliyan 50 ba, sai ya ga saurin hawan. Duka biyun gaskiya ne kuma duka biyun ya kamata su shiga labarin: idan aka auna da girman tattalin arzikin ƙasar bashin bai kai kashi 30 cikin 100 ba, ƙasashe masu arziki da yawa nasu ya haura kashi 100, amma kuma cikin shekara goma ya ninka fiye da sau ashirin. Marubucin da ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya ya riga ya zaɓar wa mai karatu abin da zai ji, tsoro ko kwanciyar hankali.

Wannan "kashi kaza na tattalin arziki" ma yana buƙatar a tsaya a kansa, don kusan kowane labari sai ka ga an ce giɓin ya kai kashi 1.9 ko 2.3 an wuce. Kashi na me? Ba na kasafin ba ne. Ana auna shi ne da darajar duk abin da ƙasar ta samar a shekara, man Aramko, kamfanin mai na gwamnati, da dabinon Ƙasim da otal-otal ɗin Makka da askin wanzami, duk a haɗe, abin da za ka ga an rubuta GDP. Giɓin biliyan 79 da aka tsara wa 2024 kashi 1.9 ne na wannan, amma in da kuɗin shigar gwamnati ka auna shi, kusan kashi 7 ne. Amfanin ma'aunin farko shi ne kwatanta ƙasa da ƙasa, don ba za ka auna bashin attajiri da na mai tireda da lamba ɗaya ba. Amma ga mai karatu na gida, na biyun ya fi gaya masa gaskiyar yadda aljihun gwamnati yake. Ni nakan ba da na biyu a cikin labari, in kawo na farko sau ɗaya tare da bayaninsa.

Misalin magidanci da nake ta amfani da shi yana da iyaka, kuma in ba a faɗi iyakar ba shi ma sai ya ɓatar. Magidanci in ya ci bashi dole wata rana ya biya duka, ita gwamnati tana sayar da sukuk da takardun bashi, wa'adin wasu ya cika ta fitar da sababbi ta biya tsofaffi, haka abin ke juyawa shekara da shekaru, muddin masu ba da rancen sun yarda da ita. Tana kuma da ajiya a babban banki da kadarori irin hannun jarin Aramko. Don haka giɓi ba ya nufin gobe ba za a biya albashi ba. Inda misalin ya yi daidai shi ne kuɗin hidimar bashin, abin da ake biya masu rance duk shekara, wanda a 2024 ya haura biliyan 40, wato kusan girman dukkan bashin da ake bin ƙasar a 2014. Wannan layin nake fara dubawa a rahoton da ma'aikatar kuɗi ke fitarwa duk wata uku, don shi ne kuɗin da ba ya gina asibiti ba ya biyan malami.

Da zan sake rubuta labarin da ya haɗa Baba da ƙanena gardama, ga yadda zan buɗe shi a wannan daren: "Gwamnatin Saudiyya ta ce tana shirin kashe riyal biliyan 1,285 a 2025, tana kuma sa ran samun biliyan 1,184, wato duk riyal 100 da ya shigo za ta kashe kusan 109, ta cike saura da rance. Adadin ya ɗara abin da ta tsara wa 2024, amma bai kai abin da take hasashen ta kashe a zahiri a bana ba, kuma a 2023 da 2024 duka ta kashe fiye da yadda ta tsara." Lambobi uku ne kacal a ciki, kuma babu wadda aka bari ita kaɗai ba abin aunawa. Sauran, kason lafiya da ilimi da tsaro, su biyo baya ga mai son ci gaba da karatu.

Giɓin da aka rubuta wa 2025 a wannan daren biliyan 101 ne. Da watan Satumba na 2025 ya zo, ma'aikatar kuɗi ta fitar da sabon ƙiyasi ta ce giɓin shekarar zai kai wajen biliyan 245, fiye da ninki biyu. Ranar da na je shagon da labarin, kafin in gama karanto lambar Baba ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya ce dakata ɗan nan, wannan karon samun ne ya ragu ko kashewar ce ta ƙaru? Na ce duka biyun ne Baba, mai ya sauka, ribar da Aramko ke rabawa ma an rage ta a bana, kashewa kuma ta sake wuce tsari. Ya yi shiru yana jujjuya kwalbar turare a hannu, can ya ce in duba masa ko an yi maganar dariba a cikin takardar.